Amsar da Muka Ba Masu Tallafi Kan Rage Kasafin Kuɗinmu

Wannan shi ne jawabin da Sakataren ƙungiya ya gabatar a taron wakilan rassa da aka yi a Yusufari. Mun buga shi yadda ya gabatar da shi domin 'yan'uwa na Nguru da Gashua da ƙauyuka waɗanda ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Kwamiti ya umarce ni da in tsaya gabanku in yi bayani kan wasiƙar da muka samu daga ƙungiyar da ke tallafa mana, da kuma amsar da muka mayar. Na san labari ya riga ni zuwa. Wasu sun ji cewa an soke tallafin baki ɗaya, wasu kuma sun ji cewa kwamiti ya fifita Yusufari a kan Nguru da Gashua. Ba a soke tallafi ba, an rage shi ne. Maganar fifiko kuwa, zan kawo dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ku yi mana hukunci.

Abin da suka nema

Mun aika musu da kasafin shekara guda na Naira miliyan 12, mai ɗauke da ayyuka bakwai. Suka amso cewa sun gamsu da aikin, amma kuɗin da ke hannunsu ya ragu, abin da za su iya bayarwa Naira miliyan 7 da rabi ne. Suka ba mu mako uku mu sake tsara kasafin, mu kuma faɗa musu a rubuce abin da zai tsaya da abin da zai tafi. Wato an ce mu cire Naira miliyan 4 da rabi, fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan.

Kafin kowa ya ɗauka cewa wani laifi muka yi, ina so mu tuna da abin da manya daga cikinmu suka gani da idonsu. A farkon shekarun 1990 shirin raya yankin sahel na arewa maso gabas, wanda ake kira NEAZDP, mai hedikwata a Garin Alkali kusa da Gashua, yana aiki a ƙauyukanmu da kuɗin Tarayyar Turai. A watan Nuwamba na 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa a Fatakwal, Tarayyar Turai ta dakatar da taimakon raya ƙasa ga Nijeriya, kuɗin shirin ya tsaya. Manomin Yusufari ba shi da hannu a abin da ya faru a Fatakwal, amma shi abin ya shafa. Haka kuma a watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya a cikin shekarar ta rufe hukumarta ta USAID. Ƙungiyoyi da yawa da ke aiki a Yobe da Borno sun rage ma'aikata da ayyuka. Saboda haka kuɗin tallafi yana iya raguwa ko ya yanke a kan dalilin da ba namu ba. Wannan shi ne tunanin da muka shiga zaman kwamiti da shi.

Dalilin da ya sa ba mu rage wa kowane aiki daidai wa daida ba

Shawarar farko da aka kawo ita ce a yanki kaɗan daga kowane aiki, kowa ya ɗanɗana, kada wani reshe ya ji an zalunce shi. Shawara ce mai daɗin ji, ni ma da farko na karkata gare ta. Sai Ma'aji ya ce mu ɗauki aji guda na yaƙi da jahilci mu gwada lissafin a kansa.

Aji guda na mutum 30 yana cin Naira dubu 400 a wata tara. Alawus ɗin malami Naira dubu 25 ne a wata, wato dubu 225. Littattafan karatu da na rubutu da fensir na ɗalibai dubu 120. Allo da alli da tabarmi da fitila mai caji dubu 55. Idan aka yi wa ajin irin yankan da aka yi wa kasafin gaba ɗaya, abin da zai rage dubu 250 ne. A biya malami wata tara, sai a ga saura dubu 25 kacal na littattafan mutum 30. A sayi littattafai da sauran kaya kuwa, kuɗin malami zai ƙare bayan wata uku. Duk wanda ya zauna a irin wannan aji ya san cewa a wata na uku mutum yana haɗa baƙi da wasali ne, bai kai ga karanta takarda shi kaɗai ba. In aka sallame shi a nan, kafin damina ta wuce ya manta, kuma da wuya ya sake yarda ya dawo.

Ashe yankan daidai wa daida zai ba mu azuzuwa shida da ba ɗaya da zai kai gaci. Da aka gwada lissafin a kan sauran ayyukan, haka abin ya fito. Ba a sayen rabin babur, gidan rediyo kuma ba ya sayar da rabin fili a kan rabin kuɗi yadda muke so. Saboda haka muka ajiye wannan shawara, muka amince cewa wasu ayyuka za su tsaya cikakku, wasu kuma su tafi gaba ɗaya.

Ma'aunin da muka yi amfani da shi

Tambayoyi uku muka yi wa kowane aiki. Na farko, idan tallafi ya yanke gobe, me wannan aiki zai bari a hannun mutane? Na biyu, idan aka jinkirta shi shekara guda, akwai abin da zai ɓace wanda ba za a iya dawo da shi ba? Na uku, akwai wani da ke yin wannan aiki a wurin in mu ba mu yi ba?

Da wannan ma'auni, ayyuka biyu suka tsaya ba a taɓa su ba. Su ne rajistar haihuwa da rubuta yarjejeniyar gona da fili.

Rajistar haihuwa

Kun sani cewa matsalar da ta haɗa mu a wannan ƙungiya ita ce ta takarda. Kakannin wasunmu sun zo Nguru ne tun da jirgin ƙasa ya iso garin a wajajen 1930, lokacin cinikin gyaɗa da fata. Wasu fataucin kanwa da ƙaro ya kawo su, wasu noma, wasu karatun allo. Masu masaukinmu sun karɓe mu, mun yi auratayya, mun binne iyayenmu a nan. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Amma idan yaro ya zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ake tambaya, a nan ne kuma 'ya'yan baƙi a faɗin ƙasar nan suke shan wahala.

Ina so in faɗi gaskiya a nan, kamar yadda muka faɗa wa masu tallafi. Takardar haihuwa ba ita ce takardar shaidar asali ba, kuma samun ta ba ya tilasta wa kowa ya ba yaro waccan. Abin da take yi shi ne ta tabbatar da sunan yaro, da sunan iyayensa, da ranar da aka haife shi, da garin da aka haife shi, daga hukumar tarayya, wato Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Dokar 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri rajista cikin kwana 60. Wanda ya wuce shekara 18 ba a yi masa ba, hanyarsa ta yi tsawo, domin sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru kafin hukumar ta ba shi takardar tabbatarwa. Tun daga 2021 kuma hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Mun ga yaran da suka rasa shekara guda saboda sunan da ke makaranta daban, wanda ke katin ɗan ƙasa daban, ranar haihuwa ma daban. Da an yi takarda ɗaya tun suna jarirai, da duk sauran sun bi ta.

Kuɗin da muka sa wa wannan aiki Naira miliyan 2 da dubu 400 ne, kuma ba na sayen takarda ba ne. Na fita 24 ne zuwa ƙauyuka, kowace fita dubu 100, domin mai da hayar mota mai shiga rairayi da abincin masu aikin sa kai, da sake komawa a kai wa iyaye takardunsu hannu da hannu. Muna sa ran yara 50 a kowace fita, jimla 1,200. Takardar da ta shiga akwatin uwa tana nan ko tallafi ya yanke, shi ya sa wannan aiki ya tsaya.

Rubuta yarjejeniyar gona da fili

Yawancin gonakin da muke nomawa da baki aka ba iyayenmu. Wata aro ce, wata jingina, wata saye, wata kyauta. Muddin wanda ya bayar da wanda ya karɓa da Bulaman da aka yi a gabansa suna raye, babu rigima. Ranar da suka kwanta dama, sai magada su ce aro ce, mu kuma mu ce saye ne, kowa kuma yana faɗin abin da ya ji daga mahaifinsa. A yankinmu akwai ƙarin matsala, domin rairayi yana tafiya. Kututturen da aka yi iyaka da shi shekara ashirin da suka wuce yana iya kasancewa a binne yau.

Sashe na 43 na Tsarin Mulki ya ba ɗan ƙasa damar mallakar fili ko gida a ko'ina a Nijeriya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ce a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da iznin mallaka na gargajiya, kuma sayarwa ko jinginar da irin wannan ƙasa na buƙatar amincewarta. Aikinmu shi ne mu zaunar da ɓangarorin biyu a gaban Bulama ko Lawani da shaidu, a rubuta ko aro ne ko saye, a ambaci maƙwabtan gonar gabas da yamma, kudu da arewa, a auna tsawo da faɗi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kwafi uku, ɗaya ga kowane ɓangare, ɗaya a ofishinmu. Wanda yake so, mu raka shi sashen ƙasa na ƙaramar hukuma. Ba ma mayar da aro ya zama saye. Abin da yake gaskiya shi ake rubutawa, shi ya sa masu gonaki ma suke maraba da aikin, tunda su ma yana kare 'ya'yansu.

Mun sa yarjejeniya 90, kowace Naira dubu 20, jimla miliyan 1 da dubu 800. Wannan aiki ne da ba ya jiran baɗi. Daga cikin dattawan da muka jera sunayensu bara domin su ba da shaida, uku sun rasu kafin mu kai gare su, Allah ya jiƙansu. Abin da suka sani ya tafi tare da su.

Azuzuwan yaƙi da jahilci

Nan ne wurin da ya fi mini ciwo. Ni da ke tsaye gabanku, da gemuna na koyi boko a irin wannan aji, a kan tabarma, bayan sallar isha'i. Ba don shi ba da ban iya rubuta wasiƙar da zan karanta muku ba. Duk da haka ni na kawo shawarar a rage azuzuwan daga shida zuwa huɗu, kowane da cikakken kuɗinsa na dubu 400.

Waɗanda za a rufe su ne na cikin garin Nguru da na cikin garin Gashua. Tambaya ta uku ce ta yanke hukunci. A waɗannan manyan garuruwa akwai makarantun Islamiyya na matan aure da azuzuwan manya da wasu ke gudanarwa, mutum zai iya samun inda zai zauna. A ƙauyukan nan biyu na Yusufari kuwa, in muka naɗe tabarma babu mai shimfiɗa wata. Ajin mata da na maza na garin Yusufari su ma sun tsaya, domin daga cikinsu muke samun masu rubuta mana sunaye a ranar rajista. 'Yan'uwana na Nguru da Gashua, na san mutum 60 ne aka cire, kuma na san wasunsu da suna. Kwamiti ya ɗora wa sakatarorin rassan biyu su nemo wa kowane ɗalibi gurbi, su kawo rahoto a taro mai zuwa. Allo da tabarmi da fitilun da ke can za su zauna a hannun reshe. In reshe ya iya haɗa dubu 25 a wata na malami daga gudummawar mambobi, ajinsa na iya ci gaba, mu kuma za mu ba da ragowar littattafan bara. Ku kuma lura cewa fita 24 da yarjejeniya 90 da na ambata na rassa uku ne, ba na Yusufari kaɗai ba.

Abin da ya tafi

Shirin rediyo na Naira miliyan 1 da rabi ya tafi. Yana da amfani, amma ba mu da hanyar sanin ko mutum nawa ya saurara, kuma ranar da kuɗi ya ƙare shirin ya ƙare. Sanarwa za ta koma masallatai da ranakun kasuwa da wuraren suna, inda ba a biyan ko kwabo.

Babban taron da muka shirya yi a Gashua na Naira miliyan 1 da dubu 400 shi ma ya tafi. Da muka duba, mafi yawan kuɗin na hayar zaure ne da abinci da kuɗin mota da buga riguna. Abin da muke nema daga taron shi ne shugabanni su ji kokenmu. Wakilai biyar da takarda a hannu za su iya kai wannan koke fadar sarki da sakatariyar ƙaramar hukuma da kuɗin aljihunmu.

Sabon babur na miliyan 1 da dubu 300 ya tafi. A madadinsa mun sa dubu 300 domin gyaran tsohon da kula da shi tsawon shekara. Wannan kasada ce, kuma mun faɗa musu kasada ce.

Abin da muka ƙi ragewa

Kuɗin gudanarwa miliyan 1 da dubu 200 ne: hayar ofis, alawus ɗin mai riƙe da littafin kuɗi, katin waya, cajin banki, da ladan mai binciken kuɗi na ƙarshen shekara. Wasu sun ce a fara yanka daga nan, tunda masu tallafi ba sa son ganin kuɗin ofis da yawa. Muka ƙi, domin hayar ofis ba ta raguwa don kasafi ya ragu, kuma ƙungiyar da ta sallami mai riƙe da littafin kuɗi ita ce ke kasa kawo rasit a ƙarshen shekara. A tsohon kasafi wannan kuɗi kashi 10 ne cikin 100, a sabo ya zama kashi 16, alhali ko kwabo ba a ƙara ba. Mun san za su lura, saboda haka muka riga su faɗa.

Mun kuma ware dubu 200 saboda tashin farashin mai. Kowa ya tuna yadda lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Aikinmu aikin tafiya ne, ba za mu sake yin kasafi ba tare da wannan tanadi ba.

Wasiƙar da muka aika

Da Turanci aka aika ta, ga ta da Hausa kamar yadda kwamiti ya amince da ita:

Bayan gaisuwa mai yawa. Mun sami wasiƙarku, kuma mun gode da kuka sanar da mu halin da ake ciki tun kafin a sa hannu. Mun amince mu yi aiki da Naira 7,500,000 a maimakon Naira 12,000,000. Ba mu rage wa kowane aiki kaɗan kaɗan ba, domin yin haka zai bar mu da ayyukan da ba za su kammalu ba. Ga yadda muka tsara.

Ayyukan da suka tsaya yadda suke: rajistar haihuwa, fita 24, yara 1,200, Naira 2,400,000. Rubuta yarjejeniyar gona da fili, guda 90, Naira 1,800,000. Mun riƙe su ne saboda suna barin takarda a hannun iyalai, kuma jinkirta su na jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Aikin da aka rage: azuzuwan yaƙi da jahilci, daga shida zuwa huɗu, Naira 1,600,000 a maimakon 2,400,000. Ɗalibai za su zama 120, ba 180 ba. Muna roƙon a gyara wannan adadi a cikin yarjejeniya, domin da shi za a auna mu.

Ayyukan da aka cire: shirin rediyo, Naira 1,500,000. Babban taron Gashua, Naira 1,400,000. Sayen sabon babur, Naira 1,300,000, wanda muka maye gurbinsa da gyaran tsohon a kan Naira 300,000. Saboda haka duk alkawarin da muka yi game da yawan masu sauraro da mahalarta taro ya faɗi. Muna kuma sanar da ku cewa idan tsohon babur ya lalace, wasu fitar za su yi jinkiri, kuma za mu faɗa muku a rahoton wata ukun da abin ya faru.

Kuɗin gudanarwa yana nan a Naira 1,200,000. Kasonsa ya tashi daga 10 zuwa 16 cikin 100 ne kawai saboda jimlar ta ragu. Mun ƙara Naira 200,000 na tanadi saboda farashin mai, ba za mu taɓa shi ba sai da izninku a rubuce, in kuma bai ƙare ba za mu nuna ragowar.

Muna da roƙo uku. Na farko, kason farko ya iso kafin watan Oktoba, domin azuzuwa na farawa ne da kaka, kuma magidanta da yawa suna tafiya ci-rani bayan girbi, in muka makara ba za mu sami masu sa hannu ba. Na biyu, a ba mu iznin matsar da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba daga wani aiki zuwa wani, mu sanar da ku daga baya. Na uku, idan hali ya gyaru a tsakiyar shekara, abin da muke so a fara maido mana shi ne azuzuwan Nguru da Gashua, Naira 800,000. Mun haɗo da sabon jadawalin kasafi da kwafin ƙudurin kwamiti. Ku huta lafiya.

Nan wasiƙar ta ƙare, Shugaba da Ma'aji da ni muka sa hannu.

Abin da muka guje wa

Akwai abu biyu da aka ba mu shawara mu yi muka ƙi, kuma ina so sakatarorin rassa su riƙe su, domin wata rana su ma za su rubuta irin wannan wasiƙa.

Na farko, an ce mu karɓi ragaggen kuɗin amma mu bar adadin ɗalibai a 180, wai kada a ga mun yi rauni. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Adadin da ka sa wa hannu shi za a tambaye ka a ƙarshen shekara, kuma wanda ya yi alkawarin abin da kuɗinsa bai kai ba, ko dai ya kasa ko ya cika rajista da sunayen da babu masu su. In kuma ya yi ta maza ya cika, ya koya wa mai tallafi cewa kasafin farko ƙari ne aka yi masa.

Na biyu, an ce mu cire taron Gashua a takarda, amma mu kumbura kuɗin fita ƙauye mu yi taron da rarar. Wannan ha'inci ne, kuma ba ya ɓuya, domin mai bincike yana haɗa rasit ɗin mai da ranakun fita da sunayen yaran da aka rubuta. Ƙungiyar da ke nema wa mutanenta haƙƙi ba ta da jarin da ya wuce a yarda da maganarta.

Har zuwa yau da nake magana, sun sanar da mu cewa wasiƙar ta isa, muna jiran gyararriyar yarjejeniya. Ba za a kashe ko kwabo da sunan wannan kasafi ba sai an sa mata hannu. Da zarar ta iso za a manna kwafin jadawalin a ƙofar ofis da hannun kowane sakataren reshe, duk mai son dubawa ya duba.

Abin da nake roƙo daga kowane gida shi ne wannan. Kafin ƙarshen wata, kowane magidanci ya ba wakilin unguwarsa sunayen 'ya'yansa da ba su da takardar haihuwa, da sunan da ake so ya zauna a takarda, ba laƙabi ba. Wanda ke noma gonar da ba a rubuta ba ya faɗi sunan mai ita da shaidun da ke raye, za mu fara da waɗanda shaidunsu suka fi tsufa. Rassan Nguru da Gashua kuma su zauna su duba ko za su iya ɗaukar nauyin malamansu.

Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, fili na nan bayan na zauna, kuma za a rubuta abin da ya faɗa a littafin taro. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya sa mu sauke amanar da aka ɗora mana.